Takardar neman hutun kaka: yadda ta wani mai kula da sito a Gombe ta faɗi da farko, ta zo ta wuce daga baya

Duk shekara da zarar Oktoba ta raba sai takardu su fara taruwa a teburin ofis ɗinmu, kowa na son a sake shi ya je gida kaka, direba na so, mai gadi na so, 'yan lodi ma na so, kuma duk sati biyu zuwa uku ɗin nan guda suke hari saboda dawa da wake ba sa jiran kowa. Ni aikina a wajen shi ne fayil da albashi, takardar kowa ta hannuna take bi kafin ta je wa manaja, ta hannuna kuma take dawowa da abin da ya rubuta a gefe. Kamfani ne na dillancin kayan masarufi a cikin garin Gombe, taliya, sabulu, man girki, madara da su omo, muna ba 'yan kasuwa sari har zuwa Kumo da Billiri da Kaltungo. Wanda zan yi magana a kansa zan kira shi Ɗanjuma, ba sunansa ba ne, shi ke riƙe da makullin sito.

Gidansu na wani ƙauye ne gaba da Dukku. Mahaifinsa ya manyanta, ido ya yi rauni, ƙaninsa ɗaya ne namiji a gida kuma yaro ne bai kai ashirin ba. Gonaki biyu suke nomawa, ɗaya dawa zalla, ɗayar gero da wake, geron tun Satumba aka cire shi sai waken ya rage a ƙasa. Abincin gidan na shekara kenan, har da na Ɗanjuma kansa don buhun dawar da iyalinsa ke ci a Gombe daga can yake zuwa.

Takardarsa ta farko layi huɗu ce. Ya gaida manaja, ya ce yana roƙon a ba shi hutu zai je ƙauye taimakon mahaifinsa aikin gona, ya ce zai dawo da zarar sun gama in Allah ya yarda, sannan ya ce abokan aikinsa za su kula da sito kafin ya dawo. Shikenan. Manaja bai ma kira shi ba, a gefen takardar ya rubuta tambaya biyu da jan biro: yaushe ne kun gama, kuma su wa abokan aikin? Ɗanjuma ya ji haushi sosai, yana ta faɗa min wai shekararsa huɗu a nan bai taɓa ɓatar da ko katan ɗaya ba amma a hana shi zuwa gonar ubansa. Ni kam ban ga an hana shi ba, tambayarsa aka yi, kuma tambayoyin suna kan hanya. Manaja shi ma ɗan manoma ne ya san me ake nufi da "in mun gama", ya san bayan dawa akwai wake, bayan wake akwai harawa, bayan harawa akwai gyaran rumbu, sai ka ga mutum ya tafi farkon Nuwamba bai dawo ba sai ana gab da Kirsimeti, lokacin da odar Billiri da Kaltungo ta fi yawa. An taɓa yi masa haka shi ya sa yake ɗari-ɗari.

Abu na farko da ya kamata mai irin wannan takarda ya sani, babu wani abu wai shi hutun kaka a doka. Dokar ƙwadago ta Najeriya a sashe na 18 cewa ta yi wanda ya yi wata 12 yana aiki a jere yana da haƙƙin hutu da albashinsa na aƙalla kwana 6 na aiki, abin da ya ƙaru a kai sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta ba ka. Ma'aikacin gwamnati nasa daban, a ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya mai mataki na 07 zuwa sama kwana 30 yake da shi a shekara, na ƙasa da haka kwanakinsu ba su kai ba. Mu a wajenmu kwana 12 na aiki ake bayarwa, kuma muna aiki Litinin zuwa Asabar. Da na buɗe fayil ɗin Ɗanjuma sai na ga ya riga ya ci kwana 3 da babbar sallah, saura 9. Shi a ransa sati uku ko huɗu yake lissafi kuma yana zaton albashinsa zai fito cif. To ka ga tun daga nan akwai rigima a gaba da an sa hannu a takardar farko yadda take.

Sai muka zauna bayan la'asar, na ce masa ya ajiye maganar ofis tukuna ya faɗa min aikin gonar ɗaya bayan ɗaya, kwana nawa kowanne ke ci, kuma wanne ne in babu shi ba zai yiwu ba. Anan ne aikin takardar yake, ranar dawowa daga gona ake ciro ta, ba a ofis ake ƙirƙirarta ba. Ya kira ƙaninsa a waya, yaron sai da ya hau tudu kafin ya samu sabis, ya ce Hamma dawa ta kusa, ƙwayar ta yi tauri in ka ciza tana ƙara, nan da sati uku zuwa huɗu za ta isa girbi, wake kuma an yi roron farko saura na biyu wanda shi ne mai yawan. Wannan maganar an yi ta ne wajen 11 ga Oktoba, don haka muka tsayar da sati na biyu na Nuwamba.

Dawa ba aikin rana ɗaya ba ce kuma ba a yinta a jere. Sai an fara girbe karan a kwantar da shi layi-layi, a bar shi kwana uku zuwa huɗu ya sha iska kan ya ƙara bushewa, sannan a dawo a bi da wuƙa ana yanke kai, a tara, a ɗaure dami, a kwaso zuwa gida. In ka zuba dawa a rumbu da sauran danshi za ta yi fumfuna, in kuma ka bar ta a ƙasa ta daɗe gara da ɓera da tsuntsu su yi ta ci, ga shanun makiyaya da ke fara gangarowa daidai wannan lokacin. Ɗanjuma ya ce da mutum huɗu girbin zai ci kwana 2, yanka da ɗauri kwana 3, jigila da amalanken shanu kwana 1. Kwanakin da ake jiran dawa ta bushe ba zama za a yi ba, a ciki za a yi roron wake, mata da yara ke yi ana biyansu da kwano, shi kuma kwana 4 saboda Juma'a rabin wuni ce. Casar wake da shiƙa da awo kwana 1. In ka haɗa 11 kenan. Na ce a ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana don lebura na iya saɓa maka, mai amalanke na iya cewa sai gobe, ya zama 12. Lahadi biyu na hanya ne, tafiya da dawowa, Lahadin tsakiya kuma ya ce zai ɗaure harawa.

Abin da muka cire daga lissafin ya fi abin da muka saka muhimmanci a ganina. Sussukar dawa gaba ɗaya an cire ta, tunda a dami ake zuba ta a rumbu ana ɗiba kaɗan-kaɗan, buhu biyun da zai kawo Gombe ƙaninsa zai iya kaiwa inji daga baya ya saka masa a mota. Kwasar kara an cire, kai wake kasuwa an cire. Abin da ya rage shi ne wanda sai da babba a wajen: biyan lebura, ƙirga dami a gona da sake ƙirgawa a bakin rumbu, tsayawa a kan awon wake, da fitar da zakka wadda a noman damina ɗaya cikin goma ce in amfanin ya kai nisabi. Da farko bai so ba, ya ce ai kunya ce ya taho ya bar aiki a tsaye, na ce masa ko wata biyu aka ba ka aiki za ka bari a tsaye, gona ba ta ƙarewa.

Kwana 12 yake nema 9 yake da su, ukun da suka rage sai dai a matsayin hutu ba albashi. Albashinsa naira 78,000 ne, in ka raba da kwanakin aiki 26 kowace rana 3,000, kwana uku 9,000. Ya yi shiru yana lissafi, da kansa ya ce buhun wake ɗaya in ya fashe a gona ya ninka wannan sau nawa, a rubuta. Na fi son mutum ya rubuta wannan da hannunsa a cikin takardar, don in ya bari sai ƙarshen wata ya ga alat ya ragu to ni zai zo ya tsare da faɗa.

Sai ɓangaren wanda zai riƙe aiki. "Abokan aikina za su kula" ba ta da amfani don in kaya ya ɓata babu wanda za ka kama. Muka rubuta abin da Ɗanjuma ke yi a rana: ƙarfe bakwai da rabi ya buɗe sito, ya karɓi takardar oda daga wajen masu sayarwa, ya fitar da kaya yana ƙirgawa 'yan lodi na ɗorawa, ya rubuta a katin kowane kaya abin da ya fita da abin da ya rage, in babbar mota ta zo daga Kano ya sauke ya gwada da webil, wato takardar da ke rako kayan, da yamma ya ba akanta lissafin ranar ya kulle. Yana da mataimaki wani yaro mai hankali da ya shekara biyu a ƙarƙashinsa, zan ce masa Habu. Habu ya iya fitar da kaya da rubuta kati amma bai taɓa sauke babbar mota shi kaɗai ba, kuma akwai mota ɗaya da ake sa rai a cikin sati biyun. Ɗanjuma ya ce to abokinsa na ɓangaren sayarwa sai ya taya Habu ranar. Muka rubuta haka, ya je ya same su duk biyun ya karanta musu, suka sa hannu a ƙasa. Wannan sa hannun ba ƙawa ba ne, sau da yawa mutum na rubuta sunan abokinsa a takarda abokin bai ma sani ba, ko kuma shi ma yana shirin tafiya tasa gonar a satin.

A ofis da Turanci ake saka takarda a fayil, amma da Hausa muka tsara ta tukuna sannan na juya masa, ga yadda ta Hausar take:

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Manaja,
ta hannun ofishin kula da ma'aikata.

Yallaɓai,

NEMAN HUTU NA KWANA 12 DOMIN GIRBI, 10 ZUWA 22 GA NUWAMBA

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina neman izinin hutu daga Litinin 10 ga Nuwamba zuwa Asabar 22 ga Nuwamba, 2025, kwana 12 na aiki, domin girbin dawa da roron wake a gonar mahaifina da ke ƙaramar hukumar Dukku. Mahaifina ya tsufa kuma babu wani babba a gida da zai tsaya a kan aikin. Zan dawo Gombe ranar Lahadi 23, in kama aiki Litinin 24 ga Nuwamba da ƙarfe 7:30 na safe in Allah ya kai mu, wato kwana biyar kafin ƙidayar kaya ta ƙarshen wata.

Ina da sauran kwana 9 a hutuna na bana. Ina roƙon a cire su, ragowar kwana 3 kuma a lissafa su a matsayin hutu ba albashi, na amince a cire naira 9,000 daga albashina na Nuwamba.

Kafin in tafi, ranar Asabar 8 ga Nuwamba, ni da mataimakina za mu ƙirga duk kayan da ke sito a gaban akanta, mu ukun mu sa hannu a kan takardar, sannan in miƙa makulli. Mataimakina zai riƙa buɗe sito da rufewa, fitar da kaya bisa takardar oda, rubuta kati, da kai wa akanta lissafi kullum da yamma. Motar da ake sa rai daga Kano a sati na biyu, abokin aikinmu na ɓangaren sayarwa zai tsaya tare da shi wajen saukewa. Mataimakina ba zai karɓi kayan da aka dawo da su ba, ba zai ba kowa kaya ba tare da takarda ba, irin wannan sai ya kai wa manaja. Dukansu sun karanta sun amince, sa hannunsu na ƙasa.

Sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi a garinmu, don haka ni zan riƙa kiran mataimakina kullum bayan sallar isha'i, na kuma bar lambar wani mai shago a garin a ofis saboda gaggawa. Ranar Alhamis 20 ga Nuwamba zan kira ka da kaina in tabbatar da ranar dawowata.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
mai kula da sito.

Wannan karon manaja kiransa ya yi, ni ma ina wajen. Ya karanta sau biyu sannan ya ja layi a ƙarƙashin sunan mutumin sayarwa ya ce wannan kam ban yarda ba. Ɗanjuma ya ce Yallaɓai ai mutumin kirki ne, manaja ya ce na sani, ba maganar kirki ba ce, wanda ke rubuta takardar oda ba ya taɓa kaya a sito, in mutum ɗaya ne ke rubuta abin da zai fita kuma hannunsa na cikin abin da ya shigo to ranar da lissafi ya ƙi daidaita shi kansa ba zai iya wanke kansa ba. Ya soke sunan ya saka akanta, ya ce Hajiya ce za ta tsaya ranar mota. Gaskiyarsa ce, kuma wannan kuskure ne da masu irin wannan takarda ke yawan yi, suna zaɓar wanda suka fi shiri da shi maimakon wanda aikinsa bai ci karo da nasu ba. Abu na biyu da ya ƙara, makullin sito biyu ne, ya ce ɗayan zai dawo durowarsa, Habu ya riƙe ɗaya. Ya rubuta an amince, ya sa hannu da kwanan wata. Na yi kwafi biyu, ɗaya fayil ɗaya hannun Ɗanjuma, na ce ya ɗauki hotonta a waya ma. Amincewar baki ba ta isa ba, manaja na iya tafiya ko a canza shi, wani ya zo ya ga ba ka nan sati biyu ya rubuta maka kweri na barin aiki ba izini.

Ranar da aka rubuta takardar ma ta yi masa rana. Sati huɗu cif kafin tafiya. Bayan sati biyu direban ƙaramar mota ya kawo tasa yana neman kusan kwanakin nan, aka ce masa sai dai bayan 24 ga wata don ba za a saki mai sito da direba lokaci ɗaya ba, ya yi ta ƙunƙuni amma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Ƙidayar ranar Asabar 8 ga wata ta ci musu wuni guda, har Hajiya na cewa da ta sani da ba ta yarda ba. A nan aka gano katan 2 na madara sun jiƙe ta ƙasa inda ruwa ya taɓa shiga da damina, an rubuta su a gefe a matsayin lalatattu kowa ya sa hannu. Da ba a yi ƙidayar ba wannan a wuyan Habu zai faɗa, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A gona abin bai tafi yadda takarda ta tsara ba, dama ba ya tafiya. Ɗanjuma ya isa Lahadi da yamma ya tarar hunturu ya fara busawa da wuri, waken ya bushe ƙamas har kwanso ya fara fashewa ƙwaya na zuba a ƙasa, in ka taka cikin gonar da rana kana jin ƙarar tsagewarsa. Leburorin girbin da ƙaninsa ya yi magana da su kuma suna gonar wani ba za su samu zuwa ba sai Laraba. Sai ya juya tsarin, Litinin da Talata aka shiga roron wake da sassafe tun da sauran raɓa lokacin kwanson bai cika fashewa a hannu ba, Laraba da Alhamis aka girbe dawa, Juma'a da Asabar aka ƙarasa waken. Dawar ta samu kwana uku a kwance, Litinin 17 aka fara yanka kamar yadda aka tsara tun asali. Wato juyawar ba ta ci masa ko kwana ɗaya ba, saboda ayyukan biyu dama a cikin juna suke. Inda aka samu matsala wajen jigila ne, mai amalanken da suka saba da shi sansa ɗaya ya yi ɗingishi, sai da suka jira wani ya gama da gonar da yake yi, jigilar da za a yi Alhamis ta koma Juma'a da yamma da Asabar da safe. Ranar ko-ta-kwanar nan ta tafi a nan. Casar wake aka matse ta a safiyar Juma'a.

Alhamis 20 ga wata bayan isha'i ya kira manaja kamar yadda ya rubuta. Daga baya ya faɗa min ya so ƙwarai ya roƙi ƙarin kwana biyu, don damin na zube a gona, harawa rabi kawai aka ɗaure, Baba kuma na ce masa ka ƙara ko zuwa Talata mana ai ba za su kore ka ba. Bai roƙa ba, ya ce Yallaɓai Litinin ina nan. Ni a ganina da ya roƙa ma a ranar Alhamis ɗin ba laifi ba ne, amfanin saka ranar kira a takarda kenan, manaja na da kwana uku ya shirya, ana iya ba shi ana iya hana shi. Wadda ba ta da kyau ita ce ta Litinin da safe, a buɗe ofis ba ka nan sai saƙon WhatsApp wai mota ta lalace a hanya, kowa ya san wace irin mota ce.

A sito kuwa motar Kano ba ta jira sati na biyu ba, Asabar 15 ga wata ta iso da yamma liƙis Hajiya ta riga ta tashi. Direban motar na ta matsa wa Habu a sauke yanzu shi zai juya da asuba, 'yan lodi ma na son kuɗinsu. Habu ya ƙi buɗe ƙofa, ya ce takarda ta ce sai da akanta, ya kira manaja, manaja ya kira Hajiya ta dawo a keke napep tana mita. Aka sauke da fitilar waya. Webil ya ce taliya katan 400, da aka ƙirga 396 aka samu, aka sake ƙirgawa haka dai. Hajiya ta rubuta a jikin webil ɗin an karɓi 396, direba ya sa hannu ba da son ransa ba. Da Habu shi kaɗai ne a duhun nan da mutum yana masa ihu a ka, ina da yaƙinin 400 zai sa wa hannu, ƙarshen wata a nemi katan 4 a rasa, a fara kallon yaron ko a ce tun kafin Ɗanjuma ya tafi ne. Layi ɗaya ne a takardar ya tare wannan. Inda takardar ta gaza shi ne ba ta faɗi me za a yi ba in mota ta zo bayan an tashi ko ta zo kafin lokacinta, an ci sa'a ne manaja na cikin gari kuma wayarsa a buɗe.

Akwai wani gurbin kuma da ba wanda ya hango. Ɗanjuma na da abubuwan da ke kansa ba a rubuce ba, misali wane man girki ne ya fi daɗewa a sito da ya kamata ya fara fita, don shi ya san layin da ya jera su. Habu ya riƙa ɗiba daga na bakin ƙofa wanda shi ne sabo, tsohon na can ciki. Ba a yi asara ba don sati biyu ne kawai kuma da sauran watanni a jikin kayan, amma da hutun wata biyu ne da an ji a jika. Yanzu manaja ya sa an manna takarda a kowane layi da kwanan watan shigowar kaya.

Litinin 24 ga wata bakwai da kwata Ɗanjuma na bakin sito, ya yi baƙi ya rame leɓe duk ya tsage. Kafin a fitar da ko katan ɗaya suka sake ƙidaya shi da Habu da Hajiya, wannan karon manyan kaya kawai suka bi saboda ƙidayar wata na tafe ranar Asabar, lissafi ya yi daidai da kati, Habu ya miƙa makulli suka sa hannu. Na rubuta a bayan takardar hutun ya dawo ranar da ya ce, na mayar fayil. Albashinsa ya fito 69,000. Dawa ta shiga rumbu duka, wake an auna an zuba a buhu mai leda biyu a ciki an ɗaure bakin kowacce daban saboda ƙwari. Harawar da ya bari ƙaninsa ya kwashe abin da ya iya, wajen kashi ɗaya cikin uku shanu suka riga shi, Baba bai ji daɗi ba har yanzu yana ambata. Ɗanjuma ya ce baɗi zai ajiye kwanakinsa 12 cif ba zai taɓa su da sallah ba, kuma zai biya mutum biyu su ɗaure harawar tun a satin farko. Ya kawo wa Habu tiya biyu na wake, Hajiya ma tiya biyu, direban nan da aka ɗage wa hutu shi kuma ya karɓi kwafin takardar ya je ya canza suna da kwanan wata, ya manta bai cire maganar makullin sito ba sai da na dawo masa da ita ya gyara.